Buhun fulawata yana tsalle kamar balan-balan, ina nauyin ya tafi?

Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyar ke nan ina fama da atisayen buhun fulawa na masu koyon zane mai motsi, kuma na kai inda idona ya daina ganin kuskuren. Ga bidiyon na ɗora. A manhajar Krita na zana shi, firem 24 a sakan ɗaya, kowane zane yana zama firem biyu. Buhun yana tsalle uku zuwa dama sannan ya tsaya. Na sa masa yunƙuri kafin ya tashi, na miƙar da shi a sama, na lotsa shi da ya sauka, duk yadda aka koya mana a atisayen ƙwallo. Amma duk wanda na nuna wa sai ya ce kamar balan-balan ne da aka zuba wa ruwa kaɗan. Ni buhu mai nauyi nake so, wanda in ya faɗi za ka ji tim a ƙirjinka. Me na rasa?

Nura: Wa alaikumus salam. Na kalla sau uku. Matsalar a fili take, saukowar tasa ta yi sanyi da yawa. Abu mai nauyi da sauri yake faɗowa. Ka bar tashin yadda yake, ka rage firem ɗin saukowa zuwa rabi, za ka ga bambanci nan take.

Malam Habu: Sadiƙ, sannu da ƙoƙari, zanen kansa yana da kyau, kunnuwan buhun ma sun fito da hali. Kafin in ce komai, ba mu lambobin. A wane firem ya fara durƙusawa, a wane ya bar ƙasa, a wane ya kai ƙololuwa, a wane ya taɓa ƙasa, kuma a wane ya sake tashi? Sannan a ranka tsawon buhun nan nawa ne?

Sadiƙ: To Malam. Yana tsaye a firem 1, ya durƙusa a 3, ya bar ƙasa a 5. Ƙololuwa a 17, ya taɓa ƙasa a 29, ya lotse a 31, a 33 ya riga ya sake tashi. Tsawonsa ban taɓa tunani ba gaskiya, amma a ce kamar santimita 60, zuwa gwiwar mutum ko sama kaɗan. Tsallen kuma kamar rabin tsawonsa ne.

Malam Habu: Yawwa, amsar tana cikin lambobin nan. Buhunka ya yi firem 24 a iska, ya yi firem 4 kacal a ƙasa. Abin da ke daɗewa a sama ya ƙi zama a ƙasa, ai shi ido ke kira balan-balan.

Bari mu fara da iskar, don ita ba ra'ayi ba ce, lissafi ne. Abin da ya faɗo daga tsayin santimita 30 yana ɗaukar kusan kwata na sakan kafin ya taɓa ƙasa, wato firem 6. Tashin ma firem 6. Ke nan tsalle mai tsayin rabin buhunka firem 12 ne gaba ɗaya. Kai ka ba shi 24, sakan guda cur, kuma abin da zai yi sakan guda a iska sai ya tashi kusan mita 1.2, ninki huɗu na abin da ka zana. Mai kallo ba ya yin wannan lissafin, amma tun yana jariri yake ganin abubuwa suna faɗuwa, jikinsa ya san amsar. Da ya ga ɗan gajeren tsalle ya ci dogon lokaci, sai ya yanke cewa iska ce ke riƙe da abin, wato ba shi da nauyi.

Nura, ka ga ciwon daidai, lokacin iskar ya yi yawa. Inda ban bi ka ba shi ne dalilin. Buhun fulawa da ƙaramin dutse in ka sake su tare, tare za su sauka. Nauyi ba ya ƙara saurin faɗuwa, sai dai abu marar nauyi kamar gashin tsuntsu iska ta rage masa nasa. Kuma in ya bar tashi a firem 12 ya mayar da saukowa 6, zai zama kamar an ɗaga buhun da igiya a hankali sannan aka fizgo shi ƙasa.

Nura: Malam na yarda da lissafin, amma ni dai a aikina in na gaggauta saukowar da firem ɗaya ko biyu, dukan ƙasar yana fi ƙarfi. Ba sau ɗaya na gwada ba.

Malam Habu: Firem ɗaya ban musa ba, da yawa suna yi, tashi 7 saukowa 5 misali, kuma yana ƙara wa saukar kaifi. Wannan gishiri ne da ake barbaɗawa bayan an gina abin daidai. Rabi kuwa ya wuce gishiri.

Bilkisu: Ina so in ƙara abu ɗaya kan iskar kafin a wuce, domin na tsayar da bidiyon firem bayan firem. Sadiƙ, tazarar da ke tsakanin zanukanka duk ɗaya ce, tun daga tashi har sauka, kamar ka auna da rula. Ko ka rage firem ɗin zuwa 12, in tazarar ta zauna haka zai ci gaba da shawagi. Abin da ke faɗowa yana ƙara sauri ne, tazararsa tana tafiya 1, 3, 5, 7, 9, 11 daga ƙololuwa zuwa ƙasa. Ka haɗa su ka samu 36. Firem uku na farko kuwa 9 kawai suka ci, kwata ɗaya na tsayin ke nan. Ma'ana rabin lokacin da buhun yake a iska, a kwatan sama yake yin sa. Tunda kai kowane zane firem biyu yake zama, zane uku gare ka a saukowa. Raba tsayin gida 9: zane na farko ya sauko gida 1, na biyu ya kai gida 4, na uku ya taɓa ƙasa. Tashin kuma ka juya shi.

Amma kada ka auna da kan buhun ko gindinsa, don su suna miƙewa suna naɗewa. Ka ɗiga ɗigo a tsakiyar inda fulawar ta taru, ƙasa da tsakiyar buhun, shi za ka bi da wannan tazarar.

Sadiƙ: Kai, Anti Bilki, wannan ɗigon ban taɓa sa shi ba. Da kan buhun nake bin bakan tsallen. To Malam, ka ce iska lissafi ce. Ƙasar fa?

Malam Habu: Ƙasar ita ce aikin duka. Ka ɗauko dabarar ƙwallon roba ka ɗora wa buhu, su kuwa ba abu ɗaya ba ne. Ƙwallo in ta bugi ƙasa tana lotsewa ta ajiye ƙarfin, sai ta mayar da shi nan take, shi ya sa firem ɗaya ko biyu ya ishe ta. Fulawa ba ta mayar da komai. Ka yar da buhu ƙasa, zai ce tim ya zauna nan inda ya faɗi, garin ya shanye dukan. Saboda haka buhun fulawa ba ya dawowa sama da kansa. In ka ga ya sake tashi, shi ne ya ga dama, ya tattara kansa ya yi tsalle da ƙarfinsa. Kowane tsalle daga cikin ukun nan sai an biya kuɗinsa da yunƙuri. Nan nauyin yake, kuma nan ran yake, a wuri ɗaya.

Ga yadda zan raba tsallen farko in ni ne. Firem 1 zuwa 8 yana tsaye, ya ɗan karkata saman jikinsa wajen da zai je, kamar mai duban rami kafin ya tsallaka. Daga 9 zuwa 12 ya ɗan miƙe sama kaɗan, kamar mai jan numfashi. Daga 13 zuwa 23 ya sauka ya durƙusa, da sauri a tsakiya, a hankali a ƙarshe, ya karkata baya, kishiyar inda zai nufa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Daga 23 zuwa 29 yana nan a durƙushe, amma kada ka daskarar da shi, ya ci gaba da nitsewa da kaurin layin fensir, alamar yana tara ƙarfi. Daga 29 zuwa 33 ya tunkuɗa sama, kai ya tafi, jiki ya miƙe, gindi kuwa har yanzu yana manne da ƙasa. A 35 ya rabu da ƙasa, 41 ƙololuwa, 47 ya taɓa ƙasa. Lotsewa mafi zurfi a 51. Ya zauna a cikinta har wajen 55, sannan ya tattaro kansa a hankali zuwa 65.

Ka lura, firem 12 a iska, sama da 50 a ƙasa. Naka juyin wannan ne.

Sadiƙ: Malam, ba zai yi sanyi da yawa ba? Kusan sakan ɗaya da rabi kafin ya bar ƙasa. Ina tsoron mai kallo ya gaji.

Malam Habu: Mai kallo yana gajiya ne in ba abin da ke faruwa. A nan kuwa yana kallon abu yana shawara, yana shiri, yana fama da jikinsa. Lambobin ba wahayi ba ne, kana iya rage su, amma ka gwada su tukuna yadda suke. Abu ɗaya da ba zan bari ka taɓa ba shi ne wurin 29 zuwa 33, inda jiki ya miƙe gindi yana ƙasa. A naka, daga zanen durƙuso sai kawai muka gan shi a iska. Ba mu ga lokacin da ya tunkuɗi ƙasa ba. Abin da bai tunkuɗi ƙasa ba, ɗaga shi aka yi.

Ummi: Ku yi haƙuri in shigo da nawa, ni a manhajar 3D ta Blender nake yi kuma ciwona kusan ɗaya ne. Na gyara lokacin yadda Malam ya ce tun a wani aikin, amma in buhuna ya lotse sai ya kumbura kamar an hura shi, kuma gindinsa yana ɗagowa daga ƙasa. Tsayinsa nake mayarwa 0.7, faɗinsa kuma 1.43 don kada girmansa ya canza.

Bilkisu: Ummi, 1.43 lissafin zanen takarda ne, inda tsayi da faɗi kawai ake da su. Ke kina da ɓangare uku. In kika sa 1.43 a X kuma kika sa a Y, girman ya ƙaru da kusan kashi 43 cikin ɗari, shi ne kumburin da kike gani. Ga yadda yake:

```
Z = 0.7
X = Y = 1 / sqrt(0.7) ≈ 1.2
```

Ɗagowar gindin kuma, cibiyar abin tana tsakiyarsa ne, sai yake matsewa daga sama da ƙasa lokaci guda. Ki mayar da ita gindin buhun, sai ya riƙa lotsewa zuwa ƙasa. Sannan ki leƙa Graph Editor, layin Z na tsallen, daidai inda ya taɓa ƙasa. In ya yi lanƙwasa mai santsi, to buhun yana rage gudu kafin ya sauka, kamar jirgi. Zaɓi makullin firem ɗin ki danna V ki ɗauki Free, ki mayar da wurin kusurwa mai tsini.

Malam Habu: Duk abin da Bilkisu ta faɗa daidai ne. Sai dai, Ummi, ko kin gyara lambar, in da Scale kaɗai kike lotsa shi zai fito kamar roba, domin Scale yana matse ko'ina daidai da juna. Wannan ya kawo ni ga abu na biyu da na gani a zanen Sadiƙ, kuma ya shafe ku duka.

Buhu abu biyu ne: yadi da gari. Yadin ba ya miƙewa, garin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Shi ya sa tun a sitidiyon Disney, inda atisayen nan ya yi suna, buhun da ake zanawa rabinsa ne cike. Rabin da ba komai shi ke ba ka damar motsi. In buhun ya miƙe, ba yadin ne ya yi tsawo ba, naɗe-naɗensa ne suka warware ya ɗame. In ya lotse, garin ne ya zube ƙasa ya tura gefe da gefe, saman da ya zama fanko ya karye ya kwanta a kai. Sadiƙ, duba zanenka na firem 7. Buhun ya zama kamar dogon ƙwai, siririn sama siririn ƙasa, kuma tsawonsa ya kusa ninka na tsaye. Ina yadin ya samo wannan tsawon? Kuma ina garin ya tafi? Yadda ya kamata shi ne saman ya ja ya sirance, layukan yadi su miƙe tsaye, gindin kuwa ya zauna da tumbinsa, domin garin shi ne na ƙarshen yarda ya tashi.

Gwaji mai sauƙi: ɗinkin gefen buhun, daga kunne zuwa ƙafa. Ka auna tsawonsa a zanen tsaye, kana bin lanƙwasarsa. A kowane zane tsawon nan kada ya wuce haka sai da ɗan kaɗan. In ya lotse, ɗinkin ya naɗe, ba ya gajarce ba.

Kabiru: Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Tunda Ummi a Blender take, ta sa Cloth kawai, mai kwaikwayon motsin yadi, ta cika shi da ƙananan ƙwayoyi, kwamfuta ta lissafa mata faɗuwar. Zai fi duk abin da hannu zai yi kama da gaske.

Ummi: Yaya Kabiru na taɓa gwadawa. Faɗuwar tana yin kyau sosai, amma daga nan sai ya kwanta shi ke nan. Ba ya tashi.

Bilkisu: Ai gaskiya ya faɗa miki, haka buhun gaske yake. Kabiru, tambayar ba yadda buhu ke faɗuwa ba ce, yadda zai yanke shawarar tashi ce, ba fuska ba hannu. Amma akwai amfani a maganarka: wannan faɗuwar ta kwamfuta abin nazari ce mai kyau ga saukar. Ko ma mafi sauƙi, a samu rigar matashin kai a zuba yashi rabi a ɗaure, a sake ta daga tsayin gwiwa a ɗauka da waya a sannu-sannu. Abin da za ka gani shi ne ba lokaci ɗaya komai ke sauka ba. Gindi ya fara bugawa ya tsaya cak. Yashin da ke sama yana ci gaba da zubowa yana tura gefuna. Sannan saman yadin ya rufto, kunnuwa su zo ƙarshe. A zanen Sadiƙ duk waɗannan a firem 31 suka faru tare, shi ya sa ya yi kama da abu guda da aka danna da hannu.

Sadiƙ: To a lambobin Malam, in ya taɓa ƙasa a 47, yaya zan jera su?

Bilkisu: A 47 kusurwoyin ƙasa sun taɓa, jikin yana miƙe, kunnuwa suna sama suna bin baya. A 49 tumbin ya baje, amma saman bai gama saukowa ba. A 51 saman ya karye ya kwanta, ya ɗan zarce gaba tunda dama yake tafiya, gindi ya tsaya amma kai bai san an tsaya ba. Kunnuwa su faɗo a 53, su ɗan yi lilo sau ɗaya su tsaya. Kada su yi ta kaɗawa, yadi ne mai kauri. Kuma gindin ya shimfiɗe sosai a layin ƙasa, miƙaƙƙen layi, ba zagaye ba. Zagayayyen gindi yana taɓa ƙasa a ɗigo ɗaya, ido sai ya ce ba abin da ke danna shi. Daga 47 har ya sake tashi kuma, ƙafafun kada su zame ko kaɗan. Kunna Onion Skin, mai nuna zanen baya da na gaba tare, ka duba, a naka suna matsawa gaba tsakanin 29 da 31.

Malam Habu: A nan ni da Bilkisu muka daɗe muna saɓawa. Zanen 47, wanda ya taɓa ƙasa yana miƙe, ni ban cika miƙar da shi ba a buhu. A ƙwallo na yarda, miƙewar tana sa lotsewar ta fi fitowa saboda bambancin siffa. Amma gari mai faɗowa daga santimita 30 ba abin da ke jan sa ya yi tsawo. Ina barin jikin kusan yadda yake, kunnuwa da saman yadi kaɗai ke ja sama. In aka miƙar da shi sosai sai ya zama kamar yana miƙa ƙafa yana neman ƙasa, saukar ta yi laushi.

Bilkisu: Ni kuma Malam wannan neman ƙasar shi nake so. Ai mun ce mai rai ne, shi ya yi tsallen da kansa. Mai rai yana miƙa ƙafa kafin ya sauka. Kuma in babu miƙewa a 47, daga dunƙulen ƙololuwa zuwa dunƙulen lotsewa ba wani canji, dukan ba ya fitowa. Abin da na yarda da kai a kai shi ne kada ta fara da wuri. Zane ɗaya kawai, na dab da ƙasa. In ya fara miƙewa tun daga ƙololuwa ya zama cingam.

Malam Habu: To Sadiƙ, ka ji duka biyun. Zane ɗaya ne, yi shi iri biyu ka kalla.

Nura: Ni da zan ba da shawara, a ƙara girgiza kyamara da ƙurar fulawa a saukar. Wannan kaɗai yana ba da nauyi sosai.

Bilkisu: Yana bayarwa, amma ya bari sai ƙarshe. In ya sa yanzu zai rufe masa ido daga ganin ko motsin ya yi. Ni gwajin da nake yi akasin haka ne: in cika buhun da baƙi gaba ɗaya, ba layin ciki ba inuwa, in kalli siffar kaɗai. In nauyin ya fito a haka, ƙura ƙari ce.

Sadiƙ: Na dawo. Jiya da daddare na sake tsallen farko da lambobin Malam, ga shi. Wallahi ya canza, yanzu ina jin yana fama kafin ya tashi.  Zanen 47 na yi iri biyu, na ɗauki na Anti Bilki amma na rage miƙewar. Sabuwar matsalar ita ce tsalle na biyu da na uku. Na kwafi na farkon sau uku, sai ya zama tsalle, tsayawa, dogon shiri, tsalle, tsayawa. Ya yi kama da inji, kuma ba ya gudana.

Malam Habu: Madalla, wannan buhu ne yanzu. Tunkuɗar ta fito sosai.

Dogon shirin na tsallen farko ne kawai, don daga tsaye ya fara, ba shi da komai sai ƙarfinsa. A na biyu ya riga ya durƙusa, saukar ce ta durƙusar da shi. Don haka kada ya miƙe tsaye ya sake sauka. Lotsewar saukar ita ce yunƙurin tsalle na gaba, sai dai dole ka nuna inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. A 51 ya lotse, kansa ya zube gaba, wannan nauyi ne ya yi masa, ba da sonsa ba. Daga 53 zuwa 57 ya janyo kan nan baya ya tattara garin a ƙarƙashinsa, har ya ƙara nitsewa kaɗan, wannan shi ya yi da kansa. Daga 57 zuwa 61 ya tunkuɗa. Kusan firem 14 a ƙasa ke nan, 12 a sama. Wannan juyawar kai daga gaba zuwa baya ita ce wurin da mataccen nauyi ke komawa mai rai. In ka cire ta ka koma ƙwallon roba, in ka tsawaita ta ka koma injin da kake kuka da shi.

Kuma kada ukun su zama ɗaya. Tambayi kanka me ya sa yake tsallen. In ɗoki yake yi, na biyu ya fi na farko nisa, zamansa a ƙasa ya ragu zuwa firem 10. In gajiya ke kama shi, na uku ya gajarce, zaman ƙasa ya ƙaru, ya tashi daga lotsewar ƙarshe da ƙyar. Ka tuna dai in ka canza tsayi sai ka canza lokacin iska, kuma ba daidai da daidai suke tafiya ba: rabin tsayin, santimita 15, firem 8 ne zuwa 9, ba 6 ba.

Ummi: Malam na mayar da cibiyar ƙasa na gyara lambar, kumburin ya tafi. Karyewar saman ce ta gagare ni da Scale, kamar yadda ka faɗa. Lattice zan sa, wato kejin nan da ake lanƙwasa siffa da shi, ko ƙasusuwa?

Malam Habu: Ni ƙasusuwa nake sawa, uku a jere daga gindi zuwa sama, da ƙarami ɗaya a kowane kunne da kowace ƙafa, sai na ƙasan ya ɗauki bajewar, na saman su ɗauki karyewar, kowanne da jinkirin firem biyu a kan na ƙasansa. Bilkisu ta fi ni sanin Lattice, ita za ta gaya miki ko ya fi sauƙi.

Bilkisu: Lattice ya fi saurin haɗawa kuma yana baje tumbi da kyau, amma naɗewar yadi ba ya ba da ita da kaifi. Turo mini fayil ɗin in ga yawan layukan da ke jikin buhun tukuna, in sun yi kaɗan ba abin da zai karye da kyau ko da me kika yi amfani.

Kabiru: Na kalli sabon na Sadiƙ, na yarda ya fi. Amma a ƙololuwa fa? Can ma a miƙe yake har yanzu.

Bilkisu: Ka yi ido, Kabiru. Sadiƙ, a 41 kan ya daina hawa amma gindin yana kan zuwa, sai ya cim masa. Buhun ya dunƙule, yadin ya saki, ƙafafun su ɗan naɗo gaba, kunnuwa su yi sama kaɗan kamar ba su da nauyi. Daga nan gindi ne ke jan gaba a saukowa.

Sadiƙ: Na gani, a 39 da 41 da 43 kusan siffa ɗaya na maimaita. Zan gyara su in haɗa tsalle na biyu. Na zaɓi gajiya, na uku zai gajarce. Abin da ban yanke ba shi ne ƙarshen: ya miƙe tsaye bayan saukar ƙarshe, ko ya yi yunƙurin miƙewa ya kasa ya kife gefe. In ya kife, garin zai fara zubewa gefen ne kafin saman ya bi, ko saman ne zai ja shi?

Malam Habu: Ya danganta da abin da ya kayar da shi. In gudun tsallen ne ya kwashe shi, saman ne zai wuce gaba ya ja sauran. In gajiya ce, ƙafa ɗaya ce za ta saki, garin ya gangara wajenta, saman ya biyo a makare. Zuba yashin nan a rigar matashi ka tura ta iri biyun ka ɗauka, ka ɗora mana tare da tsalle na biyu.